Imel ɗin gabatar da ayyukan zane: me ake faɗa a layi ɗaya game da yadda kake aiki?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai zanen tambari ne da lebul ɗin kaya a nan Kano, shekarata biyu da farawa. Abokin yayana ya ba ni imel ɗin manajan wani kamfanin yogot a Sharaɗa, ya ce in tura masa linkin ayyukana. Na rubuta saƙon, na jera matakai tara na yadda nake aiki, sai wani ya ce in mayar da su layi ɗaya. Ba za a ɗauka ban san aikin ba? In kuma layi ɗaya ne, me zan ce a cikinsa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wanda ya ba ka shawarar nan ya san harka, ka riƙe shi da kyau. Sai dai ka lura, ba cusa matakan taran za ka yi cikin doguwar jimla guda da mutum zai karanta har numfashinsa ya ɗauke ba. Ɗaya za ka ɗauka ka ajiye takwas, kuma sanin wanda za a ɗauka ɗin shi ne wurin da ake gane wanda ya san aiki.

Mu fara da mutumin da zai buɗe saƙon. Manajan kamfanin yogot yana tsakanin kuɗin gas na janareta, madarar da ba ta iso ba, da direban da ke jiran a yi masa lodi. A waya zai ga saƙonka, galibi a tsaye. Abin da fuskar wayar za ta nuna masa kafin ya taɓa komai shi ne sunanka, da taken saƙon, da 'yan kalmomin farko. In ya buɗe, abu uku idonsa ke nema: wa ya turo ka, ka taɓa yin irin kayanmu, ina zan danna in gani. Matakai tara, kowanne a layinsa, za su tura linkin can ƙasa inda sai ya yi ta jan shafin kafin ya iske shi, kuma kafin nan wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ban da tsawo, akwai wata matsalar da ta fi wannan. Ban ga jerinka ba, amma kusan zan iya karanto maka shi: tattaunawa da kwastoma, bincike, tattara dabaru, zanen farko, zaɓen launi, gyara, amincewa, miƙa fayil. Na san haka ne domin kusan duk yaron da ya zo neman aiki shagona haka jerinsa yake, daga wanda ya ƙware har wanda jiya ya sa CorelDRAW a kwamfutarsa. Abin da kowa ke iya rubutawa ba ya shaidar kowa. Ka tuna yadda ake zaɓen tela. In ka yanko shadda mai tsada a Kantin Kwari, ba ka taɓa tambayar tela ya lissafo maka cewa zai gwada ka, ya yanka, ya haɗa, ya goge. Rigar da ya ɗinka wa wani kake ɗauka ka juya cikinta ka duba bakin ɗinkin. Bayan nan tambaya ɗaya ce ke ranka, wadda ta fito daga abin da ya taɓa cizonka: in an taɓa ɓata maka wuya, za ka ce yaya yake yi da wuya, in kuma an taɓa riƙe maka kaya har Sallah ta wuce, ranar karɓa za ka tambaya. Linkin ayyukanka shi ne cikin rigar. Layin nan ɗaya shi ne amsar waccan tambayar tun kafin a yi ta.

Yadda ake fito da layin

Ka ɗauki biro ka zauna da jerin taran. Ka fara da soke duk matakin da babu mai zanen da zai ce ba ya yi, kamar sauraron kwastoma da bincike. Sannan ka soke duk wanda a cikin kanka ko cikin kwamfutarka yake faruwa, wanda kwastoma ba ya gani da idonsa. Abin da zai rage yawanci biyu ne ko uku, kuma duk wurare ne da ake miƙa wa mai kaya wani abu ya riƙe, ya duba, ya ce e ko a'a. A cikinsu za ka zaɓa, kuma ma'aunin zaɓen shi ne asarar da wannan mutumin yake tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kuma aikinka ka gano wurin kafin ka rubuta.

Ga mai yogot, bari in gaya maka inda yoyon yake, domin na taɓa zama sanadinsa. Shekarun baya wata baiwar Allah mai yin kunun aya da zoɓo ta ba ni aikin lebul ɗin robobinta. Na yi zane mai koren ganye shar, na tura mata a waya, ta ce madalla, ta kai maɗaba'a aka buga mata guda dubu biyar. Bayan kwana huɗu ta zo shago da jaka, ta fito da roba ɗaya ta ajiye mini a kan tebur ba ta ce komai ba. Koren ya koma kamar miyar kuka da ta kwana. Gefen lebul ɗin kuma ya ɗago, na sa yatsa na taɓa shi sai takardar ta murje ta biyo yatsana, domin robar daga firji take kuma ta yi gumi a hanya. Kuskure biyu ne, duka nawa. Na farko, a tsarin launin RGB na yi zanen, wato launin haske da fuskar waya ke nunawa, alhali injin bugu da tawada huɗu yake aiki, tsarin da ake kira CMYK, kuma akwai kore da shuɗi masu ƙyalli da tawada ba ta iya kai wa gare su. Na biyu, ban tambaye ta inda robar za ta zauna ba, sai aka buga a sitikar takarda maimakon ta leda wadda ruwa ba ya ci. Kuɗin bugun nan jarinta ne na wata guda. Na mayar mata da kuɗin aikina, na biya rabin sabon bugu, amma har yau ina tuna yadda ta ajiye robar nan.

Tun daga ranar, duk wanda kayansa ke shiga firji, layina a kansa ɗaya ne:

"Ba na barin a buga da yawa sai na kawo muku bugun gwaji an manna shi a robarku, ya kwana a firji, kun gani da idonku."

Ka dubi abin da ke cikinsa. Akwai abin da za a riƙe a hannu, wato robar da lebul a jikinta. Akwai lokaci, kwana ɗaya. Akwai wanda ke yanke hukunci, su ne. Mafi muhimmanci kuma, magana ce da za a iya kama ni da ita. In na karɓi aikin na tura fayil maɗaba'a ba tare da na kawo robar ba, manajan zai iya buɗe imel ɗin ya nuna mini inda na saɓa. Da wannan nake auna kowane layi da yarana suka rubuta su kawo mini. Idan babu yadda za a yi a ce ka karya shi, ba ka faɗi komai ba. "Ina aiki kafaɗa da kafaɗa da kwastoma don samar da zane mai inganci" ba wanda zai iya kama ka da shi, shi ya sa ba wanda zai tuna shi bayan minti biyu.

Kuma manajan da ya taɓa yin asarar bugu, da ya karanta maganar firjin nan ya san ka taɓa shiga maɗaba'a, ka san RGB da CMYK, ka san takarda da leda, ba tare da ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsoron da kake yi na a ɗauka ba ka san aiki ba, a nan yake mutuwa.

Layin yana canzawa in mai karɓa ya canza. Da makarantar Islamiyya ko mai wallafa littafin Hausa kake rubuta wa, yoyonsu na wani wuri daban: haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda yawancin salon rubutun kwamfuta ba su da su, sai a buɗe fayil a maɗaba'a su koma akwati ko su canza siffa a tsakiyar kalma. Nan sai ka ce kana gwada haruffan nan a salon rubutun kafin ka fara zane, kuma kana turo shafi ɗaya da aka buga su duba. Da mai shagon atamfa ne ke son tambari, damuwarsa ita ce abin ya fito a allon shago, a jikin leda mai launi ɗaya, da kuma ɗan da'irar hoton WhatsApp, sai ka ce a wuraren nan uku kake nuna masa tambarin kafin ya zaɓa. Saboda haka kada ka haddace nawa. Kuma kada ka rubuta alkawarin da ba ka saba cikawa ba. In ba ka taɓa yin bugun gwaji ba, ka je ka yi wa wani tsohon aikinka a wannan makon, ka manna a roba ka sa a firji ko kula mai ƙanƙara, ka ga abin da zai faru, sannan ka rubuta.

Saƙon gaba ɗaya

Ga yadda zan tsara shi da ni ne kai. Wuraren suna na bar maka su ka cike.

Take: Lebul ɗin robar yogot, daga wajen Malam wane

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan an tashi lafiya, ya aiki.

Malam wane ne ya ba ni adireshinku, ya ce kuna shirin sabunta lebul ɗin robobinku. Ni mai zanen lebul ne da tambari a nan Kano.

Ga lebul uku na kayan sha da na yi, da hotunansu a jikin roba: sai linkin a nan, a layinsa shi kaɗai.

Ba na barin a buga da yawa sai na kawo muku bugun gwaji an manna shi a robarku, ya kwana a firji, kun gani da idonku.

In kun ga ya dace, zan iya zuwa Sharaɗa ranar Talata ko Laraba in karɓi roba ɗaya in auna ta.

Na gode. Sai sunanka da lambar wayarka.

Duka kalma ɗari ne da 'yan kai, kuma a yawancin wayoyi linkin zai bayyana ba tare da an ja shafin ba. Gaisuwa dole ce, mu ba ma faɗa wa babba magana haka gatsau, amma layi ɗaya ta isa. Sunan wanda ya haɗa ku shi ne abu mafi nauyi a saƙon, domin a garin nan aiki ta hannun wane yake tafiya, shi ya sa na sa shi a taken saƙon, na sake sa shi a jimlar farko. Ka nemi izinin abokin yayan naka kafin ka sa sunansa, ka kuma roƙe shi ya sanar da manajan cewa saƙo na tafe. Layin yadda kake aiki kuwa, bayan linki na ajiye shi da gangan. Gani ya kori ji, mutum sai ya ga aikin ya yi masa sannan yake damuwa da yadda aka yi shi. Rufewar ma ka lura ƙaramin abu na roƙa, roba ɗaya in auna. Manaja zai iya cewa to ga wannan yana tsaye, ba sai ya tuntuɓi mai kamfani ba. Da ka rubuta cewa kana fatan yin aiki da su, ba ka ba shi abin da zai amsa ba.

Game da harshe, in manajan Bahaushe ne kuma ta hannun ɗan'uwa aka haɗa ku, Hausa ta fi kusantar da kai. In ofis ne da komai nasu da Turanci yake tafiya, ka yi sallama ka ci gaba da Turanci, tsarin bai canza ba. Kuɗin aiki da kafin alƙalami kada su shigo wannan saƙon, sai ka ga robar ka san yawan nau'in da suke da shi.

Linkin kansa

A nan na fi ganin yara suna faɗuwa, bayan sun sha wahalar gyara kalmomi. Wanda ya ajiye ayyukansa a Google Drive ya sani cewa fayil a rufe yake zuwa, a kan `Restricted`, sai ka shiga wurin rabawa ka mayar da shi `Anyone with the link`. In ba ka yi ba, manajan zai danna ya tarar da shafin da ke ce masa ya nemi izini, kuma mutum mai jiran direba ba zai nema ba. Kai ba za ka gane ba, domin a wayarka yana buɗewa lafiya tunda kai ne mai shi. Ka tura linkin wa ƙanwarka ko wani abokinka ya buɗe a wayarsa, da datarsa, kana tsaye kana kallo. In kun ƙirga goma a hankali hoton farko bai fito ba, ya yi nauyi, ka rage girman hotunan.

Kada linkin ya kai shi shafin farko inda fostar maulidi, katin biki, da hoton ɗan takara suke a cakuɗe, ya riƙa lalube yana neman abin da ya shafe shi. Ka ware masa jaka ko shafi guda mai lebul uku zuwa biyar na kayan ci da sha, mafi kyawu a sama. Behance, shafin da masu zane ke baje ayyukansu, yana ba kowane aiki linkinsa daban, ka yi amfani da wannan. In ba ka da uku na kayan sha, ka sa biyun da kake da su, sun fi goma da ba su da alaƙa. Kuma hoton roba ta gaske da ka ɗauka a firjin wani kanti a Zoo Road, ko da hasken bai yi kyau sosai ba, ya fi wa mai kamfani amfani fiye da hoton kwalbar kwamfuta mai ƙyalli da kowa ke saukewa ya liƙa zanensa. Shi yana so ya ga ko ana iya karanta sunan daga taku uku, ko ka bar wa lambar NAFDAC da ranar yi da ranar lalacewa wurinsu, ko gefen ya yanku daidai. Idan wani aiki na gwaji ne da ka yi wa kanka ba a buga ba, ka rubuta haka a ƙarƙashinsa.

Kada ka gajarta linkin da irin shafukan nan na gajarta adireshi, mutane sun sha damfara sun daina danna abin da ba su ga inda zai kai su ba. Kada kuma ka liƙa manyan fayiloli a jikin saƙon. Gmail yana tsayawa a megabait 25, amma tun kafin a kai nan ka cinye wa mutum data ka cika masa waya.

Sauran takwas ɗin fa?

Ba zubar da su za ka yi ba. Wurinsu na farko shi ne cikin kundin ayyukan. Ka ɗauki lebul ɗaya ka nuna tafiyarsa da hotuna huɗu ko biyar: zanen fensir, zane biyun da aka zaɓa a tsakaninsu, bugun gwaji, robar a kanti, kowanne da ɗan bayanin layi guda. Wanda ke son sanin yadda kake aiki zai gani a can, kuma da hoto zai gani. Wurinsu na biyu shi ne takardar farashi, inda dole ka fayyace sau nawa za ka yi gyara, kwana nawa, wane irin fayil za ka miƙa, da milimita 3 da ake bari a gefe saboda yanka. A can dogon bayani yana kare ka. A imel ɗin farko kuwa yana iya ɗaure ka, musamman in ka rubuta irin "gyara har sai kun gamsu" tun ba a yi ciniki ba.

Akwai inda wannan shawarar ba ta aiki. In ƙungiyar agaji ko ma'aikatar gwamnati ta fitar da sanarwar neman mai zane ta ce a bayyana tsarin aiki, ka ba su cikakke yadda suka nema, domin maki suke bayarwa a kan kowane sashe kuma wanda ya tsallake ya rasa. Haka in gurbin aiki kake nema a kamfanin masu zane ko masu ƙera manhaja, mai karanta saƙonka ɗan sana'a ne, yadda kake tunani yana cikin abin da yake saye. Ko a nan ɗin, takarda daban ko cikin kundin ya fi, jikin imel ɗin ya zauna gajere. Abin da na faɗa maka ya fito ne daga aikin lebul, tambari da bugu da masu kamfani da 'yan kasuwar Kano, kuma manajan naka a cikinsu yake.

Ka tura saƙon da safiyar ranar aiki, ka kauce wa Juma'a da rana. In mako ya zagayo shiru, kada ka sake tura dogon saƙo. Ka nemi lambarsa wajen abokin yayanka, ka yi masa sallama a WhatsApp, ka ce kai ne wanda Malam wane ya turo, ka sa hoton roba ɗaya da linkin. Mutanenmu da yawa imel ɗinsu sai an ce musu an turo suke dubawa. In ya amsa da cewa linkin bai buɗe ba, ka san inda matsalar take. In ya ce "nawa kake yi?", aikin ya yi masa, ka ce sai ka ga robar, ka tambaye shi Talata ko Laraba. Ranar da za ka je, ka tafi da tef ɗin awo da roba ɗaya mai ɗauke da tsohon aikinka, ka ciro ta daga firji da safen.